Hasashen Motsi: Lambar da Ke Yanke Kuɗin Kwangilar Zaɓi

Kwangilar zaɓi yarjejeniya ce da ke bai wa mai riƙe da ita damar sayen hannun jari ko sayar da shi a kan farashin da aka yanke tun farko, cikin wa'adin da aka ɗiba, ba tare da an tilasta masa ba. Wadda ke ba da damar saye ita ce ake gani a allon dillali da sunan Call, ta sayarwa kuma Put. Mai son wannan dama yana biyan kuɗinta nan take, kuma kuɗin ba ya dawowa, ko ya yi amfani da damar ko ya bar ta ta wuce. A kasuwannin Amurka, inda aka fi hada-hadar irin waɗannan kwangiloli, kowace ɗaya tana ɗauke da hannun jari 100, don haka idan allo ya nuna dala 4, abin da zai fita daga aljihu dala 400 ne.

Abubuwa shida ne ke haɗuwa su samar da wannan kuɗi: farashin hannun jarin a yau, farashin da aka yanke a kwangilar, kwanakin da suka rage wa'adi ya cika, kuɗin ruwa, ribar da kamfani zai raba kafin wa'adin, da kuma yawan motsin da farashin zai yi daga yau zuwa ranar ƙarshe. Biyar na farko ba su da wani sirri. Ana karanta su a allo ko a takardar kwangila, wanda ma ba a san shi daidai ba ana iya ƙiyasta shi kusa da kusa. Na shida ne babu wanda ya sani, domin magana ce ta gobe. Duk cinikin da ake yi tsakanin mai saye da mai sayarwa, in aka tace shi, a kan wannan na shidan ake yin sa.

Yadda ake fito da lambar

A shekarar 1973 Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa lissafin da ke karɓar irin waɗannan abubuwa ya fitar da farashin zaɓi, Robert Merton kuma ya faɗaɗa shi a wannan shekarar. A watan Afrilun shekarar ne kuma aka buɗe kasuwar zaɓi ta CBOE a birnin Chicago. Manufar lissafin ita ce mutum ya zuba ƙiyasinsa na motsi, ya samu farashin da ya dace. Amma ba a daɗe ba 'yan kasuwa suka juya shi baibai. Tunda farashi yana nan a kasuwa, ana saye ana sayarwa a kansa, sai suka riƙa tambayar wane adadin motsi ne za a zuba cikin lissafin har ya fitar da wannan farashi daidai. Amsar ita ce hasashen motsi, wanda allon dillali ke rubutawa IV.

Akwai abin lura a nan, domin mutane da yawa suna ɗaukar sababi a matsayin sakamako. Ba wata hukuma ke zama ta yanke IV sannan farashi ya bi ba. Masu saye ne ke yin rububi farashin zaɓi ya hau, ko masu sayarwa su yi yawa ya sauka, sannan na'ura ta mayar da sabon farashin zuwa IV. Saboda haka IV da kuɗin zaɓi abu ɗaya ne da aka faɗa da ma'auni biyu. Amfanin ma'aunin IV shi ne yana ba da damar kwatance. Zaɓin dala 2 a kan hannun jarin dala 30 mai wa'adin mako uku, da zaɓin dala 9 a kan na dala 250 mai wa'adin wata huɗu, ba a iya cewa wannan ya fi wancan tsada ta kallon dala kawai. Da zarar an ce na farko IV ɗinsa 70 ne, na biyu kuma 16, an san wanda kasuwa ta ɗora wa kuɗi.

Dole kuma a raba shi da motsin da ya riga ya faru, wanda ake lissafawa daga farashin kwanakin baya, misali kwana 20 ko 30 da suka wuce. Wancan tarihi ne, kowa zai iya auna shi ya samu amsa ɗaya. IV kuwa kuɗin da mutane suka yarda su biya ne a kan abin da bai zo ba.

Ma'anar lambar

Ana faɗin IV a matsayin kashi cikin 100 na shekara guda. Idan hannun jari yana dala 100, IV kuma 32, fassararsa ita ce kasuwa tana ganin cewa bayan shekara guda farashin zai kasance tsakanin kusan dala 68 da dala 132 a sau biyu cikin uku, ya kuma fita daga wannan zango a ɗaya cikin ukun. Lambar ba ta faɗin ko sama za a yi ko ƙasa. Girman tafiyar kawai take aunawa.

Shekara ta yi wa yawancin 'yan kasuwa nisa, don haka ake sauko da lambar zuwa kwana ɗaya. Ba a raba ta da yawan kwanaki kai tsaye, saboda hawan yau da saukar gobe suna cinye juna, motsi ba ya taruwa bai ɗaya. Da saiwar lokaci yake girma, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da yawan kwanakin. Kwanakin kasuwa a shekara kusan 252 ne, kuma 16 sau 16 ya ba da 256, wanda ya yi kusa ƙwarai. Daga nan aka samu ƙa'idar da 'yan kasuwa ke aiki da ita da ka: a raba IV da 16, a samu motsin kwana ɗaya. IV na 16 yana nufin kusan kashi 1 cikin 100 a rana, na 32 kashi 2, na 80 kuma kashi 5. Wannan ɗan rabawa ya fi yawancin zane-zanen da manhajoji ke nunawa amfani, domin yana mayar da lamba maras fuska zuwa tambayar da mutum zai iya amsawa: shin wannan hannun jari yana yin kashi 2 a rana kuwa?

Daga IV zuwa dala

Ga zaɓin da farashin kwangilarsa ya yi daidai da farashin hannun jarin a yau, akwai gajeren lissafi da ke ba da amsa kusa da ta Black da Scholes, muddin wa'adin bai yi nisa ba kuma aka ajiye kuɗin ruwa gefe:

```
C ≈ 0.4 × S × σ × √T
```

A nan S farashin hannun jari ne, σ shi ne IV, T kuma wa'adi a ma'aunin shekara. A ɗauki hannun jarin dala 100 da zaɓin saye mai wa'adin wata uku. Wata uku rubu'in shekara ne, saiwarsa kuma rabi. Idan IV 20 ne, lissafin zai zama 0.4 sau 100 sau 0.20 sau 0.5, wato dala 4. Idan IV ya tashi zuwa 30, zaɓin ya koma dala 6, alhali hannun jarin bai gusa daga dala 100 ba. Wanda ya saya a 4 ya ci rabin kuɗinsa riba ba tare da kamfanin ya yi komai ba, wanda kuma ya saya a 6 IV ya dawo 20 ya yi asarar sulusi ta wannan hanya.

Dalilin da ya sa motsi ke ƙara wa zaɓi daraja yana cikin ginin kwangilar. Asarar mai saye tana da iyaka, ita ce kuɗin da ya biya, ribarsa kuwa tana ƙaruwa gwargwadon nisan da farashi ya yi ta ɓangarensa. Idan farashi ya faɗi zuwa 90 ko zuwa 60, mai zaɓin saye a kan 100 duk ɗaya ne a wurinsa, dala 4 ɗinsa ce ta tafi. Idan kuwa ya hau 110 ko 140, bambancin ba kaɗan ba ne. Faɗaɗa zango yana ƙara masa abin da zai iya samu, bai ƙara masa abin da zai iya rasawa ba. Shi ya sa hawan IV ke tsadar da Call da Put a lokaci guda.

Adadin da zaɓi ke ƙaruwa da shi idan IV ya hau maki ɗaya shi ake kira Vega a allo. A misalin da ya gabata maki goma sun kawo dala 2, don haka Vega senti 20 ne. Yana girma tare da wa'adi: a kan wannan hannun jarin, zaɓin shekara guda yana da Vega na kusan senti 40, na wata guda kuma kusan senti 12. Sai dai kada wannan ya ruɗi mutum ya ɗauka zaɓin gajeren wa'adi ba ruwansa da IV. Vega ɗinsa ƙarami ne, amma IV na gajeren wa'adi shi ne ke tsalle da maki ashirin ko talatin a kwana ɗaya, yayin da na shekara guda ke gusawa da maki biyu ko uku.

Inda abin ya fi ban mamaki shi ne zaɓin da farashin kwangilarsa ya yi nisa da farashin yau. A wannan hannun jari na dala 100, zaɓin saye a kan dala 120 mai wa'adin wata uku bai wuce senti 15 ba idan IV 20 ne. Idan IV ya ninka zuwa 40, zaɓin da ke kan dala 100 zai ninka daga 4 zuwa 8, amma na kan 120 zai tashi zuwa kusan dala 2.15, wato sau goma sha huɗu. Irin wannan zaɓi ba shi da komai a cikinsa sai tsammani. Masu ƙaramin jari suna son sa don araharsa, kuma shi ne ya fi saurin narkewa idan IV ya sauka.

Misali: daren sanar da sakamakon kamfani

Kamfanonin da ke kasuwannin Amurka suna fitar da rahoton kuɗinsu duk wata uku, galibi bayan an tashi kasuwa ko kafin a buɗe, kuma ana sanin ranar tun da wuri. A nan ne aikin IV ya fi fitowa fili, a nan ne kuma matsakaitan 'yan kasuwa suka fi ƙonewa. Lambobin da ke tafe na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya fita sumul.

A ce wani kamfani hannun jarinsa dala 100 ne, kuma a kwanakin da babu labari yakan motsa kusan kashi 2 cikin 100 a rana, wato IV ɗinsa na yau da kullum 32 ne. Yau da yamma bayan an tashi kasuwa zai sanar da sakamako. Zaɓin da ya rage masa kwana 10 na kasuwa yana nuna IV na 50, kuma Call da Put na kan dala 100 kowanne yana dala 4.

Kuskuren farko shi ne a ɗauka kasuwa tana jiran kwana goma masu zafi iri ɗaya. Ba haka ba ne. Kwana ɗaya take tsoro, sauran tara kuma na yau da kullum ne, sai dai allo ya gauraya su ya ba da matsakaici. Ana iya warware su. Tunda motsi da saiwa yake tafiya, sai a ninka kowace lamba da kanta kafin a haɗa ko a ɗebe. IV na 50 a raba da 16 ya ba da kashi 3 da ɗan ɗoriya a rana, wanda in an ninka shi da kansa ya zama kusan 10, a kwana goma kuma jimilla 100. Kwanaki tara na yau da kullum kowanne yana ɗauke da 2 sau 2, wato 4, jimillarsu 36. Idan aka cire 36 daga 100 saura 64, kuma lambar da aka ninka da kanta ta ba da 64 ita ce 8. Ashe abin da kasuwa ke faɗi shi ne gobe kaɗai hannun jarin zai yi motsin da ma'auninsa ya kai kashi 8 cikin 100.

Washegari da safe labari ya fito, kowa ya karanta. Ko mai daɗi ne ko maras daɗi, ya daina zama abin jira. Wancan 64 ya fita daga lissafi gaba ɗaya, saura 36, IV kuma ya dawo 32. Ba gazawar kasuwa ba ce, ba kuma maguɗin dillali ba ne. Tun jiya aka san haka za ta faru, abin da ba a sani ba shi ne inda farashin hannun jarin zai tsaya.

Idan hannun jarin ya buɗe a dala 100 kamar yadda ya kwana, Call ɗin da aka saya a dala 4 ya koma dala 2.40. Kashi 40 cikin 100 na kuɗin sun tafi a dare ɗaya. Idan sakamako ya yi kyau, hannun jarin ya hau dala 102, mai Call ya canki alƙibla daidai, amma zaɓinsa kusan dala 3.55 ne, wato ya yi asarar dala 45 a kowace kwangila. Sai farashi ya kai kusan dala 102.70 kafin ya mayar da uwar kuɗinsa, riba kuma daga nan take farawa. Wannan shi ne amsar korafin da aka saba ji, cewa mutum ya ce zai hau, ya kuma hau, amma an tashi da asara. Ya biya kuɗin motsin kashi 8, aka ba shi na kashi 2.

Wanda ya sayi Call da Put tare, don ya ci ko ta ina aka nufa, ya biya dala 8. A farashin 102 haɗinsa bai wuce dala 5.10 ba. A farashin 107 ma yana kusan dala 7.80, bai kai uwar kuɗi ba tukuna. Yana buƙatar tsalle na sama da kashi 7 cikin 100, sama ko ƙasa, kafin ya ga riba. Shi ya sa ƙwararru ke fara duba kuɗin wannan haɗin na wa'adi mafi kusa da ranar sanarwa, su raba shi da farashin hannun jarin, su ɗauke shi a matsayin ƙiyasin tsallen da kasuwa ta riga ta sa wa kuɗi. Daga nan sai su jera shi da tsallen da kamfanin ya yi a sanarwarsa takwas ko goma sha biyu da suka wuce. Idan kamfanin ya saba yin kashi 4 ko 5, kasuwa kuma tana neman kuɗin 8, mai saye yana buƙatar dalili mai ƙarfi na cewa wannan karon daban ne.

Ganin haka wani zai ce to ai sayarwa ita ce dabara. A dubi lissafinta. Wanda ya sayar da haɗin ya karɓi dala 800. Mafi kyawun abin da zai same shi washegari shi ne farashi ya tsaya cak, haɗin ya koma dala 4.80, ya ci dala 320. Idan kuwa kamfanin ya zo da labarin da ba a zata ba, farashi ya yi tsalle zuwa 120 ko ya faɗi zuwa 80, haɗin ya zama kusan dala 20, asararsa dala 1,200 ke nan. Dare ɗaya irin wannan ya cinye ribar kusan dare huɗu mafiya kyau. Kuma umarnin tsayar da asara da ya bar wa dillali ba zai cece shi ba, domin tsallen ya faru ne lokacin da kasuwar zaɓin take rufe, da safe kuma farashi ya riga ya tsallake inda ya sa iyaka.

Tsada da araha

IV na 50 ba shi da tsada ko araha a karan kansa. Ga babban kamfanin wutar lantarki lamba ce ta tashin hankali, ga ƙaramin kamfanin magani da ke jiran hukuncin hukuma a kan maganinsa kuwa tana iya zama ƙasa da yadda ya saba. Don haka ake auna kowane hannun jari da tarihin kansa. Manhajoji da yawa suna nuna IV Rank, wanda ke faɗin matsayin IV na yau tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma na shekarar da ta wuce. Idan mafi ƙanƙanta 25 ne, mafi girma 65, na yau kuma 35, to ya yi tafiyar maki 10 cikin 40, matsayinsa 25 ke nan. Rauninsa shi ne rana ɗaya ta firgici tana iya ɗaga rufin sama ƙwarai, har duk sauran shekarar ta riƙa bayyana kamar araha. IV Percentile ya fi shi juriya, domin yana ƙirga kwanaki nawa ne cikin shekarar IV ya kasance ƙasa da na yau. Dukansu biyu suna rikicewa idan sanarwa tana gabatowa, tunda hawan IV a lokacin ba alamar tsada ba ce, kwana mai nauyi ne ya shigo cikin wa'adin.

Ma'aunin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne kwatanta IV da motsin da ya biyo bayansa. A kan ma'aunin S&P 500, abin da aka daɗe ana gani shi ne IV yakan ɗara motsin da ke faruwa a yawancin watanni. Dalilin bai da wuyar ganewa. Masu manyan jari suna sayen Put a matsayin inshora, mai ba da inshora kuma ba ya karɓar haɗari sai da lada a kai. Wannan rata ita ce abincin masu sayar da zaɓi, amma lada ce ta ɗaukar haɗari, ba kuɗin tsintuwa ba.

Ma'aunin VIX, wanda CBOE ta ƙaddamar a 1993 ta kuma sake masa tsari a 2003, yana tattara IV na kwana 30 daga zaɓuɓɓukan S&P 500. Tarihinsa ya nuna yadda lambar ke tafiya: takan kwanta tsawon watanni tsakanin goma sha wani abu da ashirin, ta yi tsalle cikin 'yan kwanaki, sannan ta sauko a hankali. Ya rufe a sama da 80 a watan Nuwamban 2008, ya kuma rufe a 82.69 ranar 16 ga Maris 2020, wanda bisa ƙa'idar rabawa da 16 ke nufin motsin sama da kashi 5 cikin 100 a rana ga kasuwar baki ɗaya. Ranar 5 ga Fabrairun 2018 kuwa ya tashi daga kusan 17 zuwa 37 a yini guda. Wata takardar jari mai suna XIV, wadda ke cin riba idan motsi ya lafa kuma ta yi shekaru tana hawa, ta rasa sama da kashi 90 cikin 100 na darajarta, aka rufe ta a cikin watan. Gaskiya ne IV yakan koma matsakaicinsa, amma babu tabbacin zai koma kafin dillali ya nemi ƙarin kuɗin jingina ya rufe wa mutum ciniki da ƙarfi.

Kowane farashi da nasa IV

Da lissafin Black da Scholes ya dace da kasuwa ɗari bisa ɗari, da duk zaɓuɓɓukan hannun jari ɗaya masu wa'adi ɗaya sun nuna IV ɗaya. Ba sa nunawa. Lissafin ya ɗauka farashi yana tafiya ne a hankali ba tsalle, kuma babban faɗi abu ne da kusan ba zai yiwu ba. Ranar 19 ga Oktoban 1987 ma'aunin Dow Jones ya faɗi da kashi 22.6 cikin 100 a yini ɗaya, kuma tun daga lokacin Put na farashin ƙasa a kan ma'aunan hannun jari suka riƙa ɗaukar IV mafi girma fiye da na tsakiya, Call na farashin sama kuma mafi ƙanƙanta. 'Yan kasuwa ba su yar da lissafin ba, sun ci gaba da amfani da shi a matsayin ma'aunin faɗin farashi, suna gyara kuskurensa ta hanyar bai wa kowane farashin kwangila nasa IV.

Wannan karkata tana da tasiri a aikace. A kasuwar hannun jari IV yakan hau idan farashi yana faɗuwa, ya sauka idan yana hawa. Mai Put yana cin riba biyu a ranar faɗi, ta alƙibla da ta IV, amma ya riga ya biya kuɗin hakan tun ranar saye. Mai Call kuwa sau da yawa yakan ga ribarsa ta gaza abin da Delta ya yi masa alkawari, saboda hawan da ya yi masa daɗi shi ne ya kwantar da hankalin kasuwa ya rage IV. Wanda ba ya son wannan haɗarin yakan sayi zaɓi ɗaya ya sayar da wani mai wa'adi ɗaya a farashin da ya fi nisa, misali ya sayi Call na 100 ya sayar da na 105. Vega na biyun yana cinye juna da yawa, faɗuwar IV ba ta yi masa ciwo sosai, sai dai ribarsa ta tsaya a dala 105 komai nisan da farashi ya yi.

Lambar da allo ke nunawa kanta tana buƙatar bincike kafin a dogara da ita. Dillalai ba su da hanya ɗaya ta lissafa IV ɗaya tilo da suke liƙa wa hannun jari, don haka manhajoji biyu na iya ba da lambobi biyu a minti ɗaya. A zaɓin da ba a cika cinikinsa ba kuma, ratar da ke tsakanin Bid da Ask tana iya haɗiye komai. Idan Vega senti 10 ne, masu saye suna tayin dala 1.80, masu sayarwa suna neman 2.40, ratar senti 60 daidai take da maki shida na IV. Wanda ya ga zaɓin ya yi araha da maki uku, ya saya a farashin Ask, ya biya maki ukun nan daidai a bakin ƙofa, kuma wasu ukun suna jiransa ranar da zai fita.